Sugan Baba ya kai 18.5: me za a fara rubutawa?

Ɗaliba: Salamu alaikum. An ba ni wani Baba ɗan shekara 62, mai sayar da hatsi a Sabon Gari, in rubuta masa tsarin jinya. Shekara takwas yana da ciwon suga nau'i na biyu, ya zo da gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, mita ta nuna 18.5 mmol/L. Na sa "suga ya hau" a matsala ta ɗaya, buri kuma "suga ya sauka". Malama ta soke da jan biro. Ni a ganina, ga mai suga saukar da sugan shi ne komai, sauran cika takarda ne. Ina laifina?

Nas ɗin ɗakin maza: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ina bayanki. Abin da ke faruwa yanzu shi ake sa wa gaba, kafin abin da ake tsoron ya faru. Kuma gyambon nan ba zai warke ba muddin jini na ɗauke da suga haka. Salon rubutu kawai Malama ke nema.

Sista: Ba salo ba ne. 'Yata, kafin mu yi gardamar abin da za a rubuta, me kika tambayi Baban? Wane magani yake sha a gida? Likita ya sa masa insulin? Me ya ci jiya, cokali nawa? Kin taɓa ƙafar kin ji bugun jini? Yana jin taɓi a tafin? Lamba ɗaya kika ba mu. Kin tsallake matakin farko na tsarin jinya, wato binciken majiyyaci, kin faɗa na uku, na tsara buri.

Ɗaliba: Metfomin da gilibenkilamaid yake sha a gida. An sa masa insulin kafin kowane abinci. Sauran gaskiya ban tambaya ba, Sista. Daga fayil na kwafa.

Wata 'yar Samaru: Ni ba nas ba ce, amma 18 ai ba komai ba ne! Hajiyarmu kullum da safe tata mitar 130 take nunawa, kuma garau take.

Nas ɗin ɗakin maza: Anti, mudun ne ba ɗaya ba. Taku da mg/dL take awo, tamu da mmol/L. Ki raba taku da 18: 130 ɗin Hajiya wajen 7.2 ke nan, ba laifi ga awon safe. Na Baba kuwa a mitarku 333 zai nuna.

Ɗaliba: Na dawo daga wajensa. Sista, kin yi gaskiya. Tun da aka kwantar da shi bai iya cin abinci ba, koko kawai yake ɗan kurɓa, tuwon da aka kawo daga gida yana nan a kula. Da na ce ya nuna min magungunansa, sai ya ɗaga matashi ya zaro wata baƙar leda. Gilibenkilamaid ne. Likita ya dakatar da shi a fayil, amma ba wanda ya faɗa wa Baba, yana nan yana sha safe da yamma. Ɗansa ya ce shekaranjiya da asuba ya jiƙe da gumi yana karkarwa, sai suka ɗauka zazzaɓi ne. Gyambon ma bai san ranar da ya fara ba. Ɗumi yake ji a kaskon gawayi lokacin hunturu, wari matarsa ta fara ji.

Sista: To kin ga abin da fayil ba zai gaya miki ba. Dattijon da ake yi wa insulin, yana shan gilibenkilamaid a ɓoye, kuma ba ya ci: wanda zai iya kashe shi a daren nan faɗuwar suga ce, ba 18.5 ba. Wannan ƙwayar in ta kayar da suga tana daɗewa tana aiki, balle ga tsoho, balle in ƙoda ta yi rauni. Ki je yanzu ki faɗa wa mai kula da ɗakin da likita, a karɓi ledar cikin mutunci, a duba sakamakon ƙoda.

Sannan ki zauna ki rubuta. "Ciwon suga" sunan cuta ne, na likita ne. Namu shi ne halin da cutar ta jefa wannan mutumin. Ni ga yadda zan sa ta ɗaya: haɗarin tangal-tangal ɗin suga, saboda haɗa insulin da ƙwaya da rashin cin abinci. Buri kuma ya zama abin da nas ɗin dare za ta iya cewa an cim ma ko ba a cim ma ba: cikin awa 48 babu awon da zai sauka ƙasa da 3.9, kuma yana gangarowa zuwa tsakanin 7.8 da 10, sai in likita ya ba da wata iyaka. Burinki na "suga ya sauka" fa, da Baba ya kai 2.5 ya suma, a takarda kin ci nasara.

Aikin kuma ki rubuta shi da lokaci. Awo kafin kowane abinci da lokacin kwanciya, a ƙara ɗaya wajen ƙarfe uku na dare tunda da asuba abin ya taɓa kama shi. Kada a yi allurar insulin ta kafin abinci sai an ga kwano a gabansa kuma ya ce zai ci. In ya sauka ƙasa da 3.9 yana cikin hayyacinsa, a ba shi giram 15 na sukari, wajen babban cokali ɗaya a ruwa, a sake awo bayan minti 15. In ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai, a kira likita, ta jijiya za a ba shi ruwan sukari.

Nas ɗin ɗakin maza: Na sallama kan ledar. Amma Sista, har yanzu ban yarda gyambo ya koma na biyu ba. Wannan haɗari ne, wancan kuma rauni ne da ake gani, mai wari. Ƙafar da ba ta jin zafi cikin kwana kaɗan take ruɓewa har ƙashi. Ni zan auna tsawo da faɗi da zurfinsa yau, in zagaye iyakar kumburin da biro, in hana shi taka wajen. Gobe in ya ƙetare layin, ko zazzaɓi ya tashi, ko sugan ya ƙi sauka duk da allura, na san ƙwayar cuta na ci gaba.

Sista: Duk ka yi su, yau ma, lamba biyu ba ta nufin gobe. Amma ƙafa kwanaki take ba ka, suga in ya faɗi mintoci ne.

Nas ɗin ɗakin maza: In an karɓe ledar, ai haɗarin ya ragu. Ranar Laraba sai gyambo ya hau sama.

Sista: Wataƙila. Aikin mataki na biyar ke nan, a sake dubawa a canja jeri. Amma kada ka yi gaggawa, ƙwayar da ya sha da safen nan tana jikinsa har gobe, kuma bai fara ci ba.

Wata 'yar Samaru: To batun azumi fa? Hajiyarmu ba ta barin Litinin da Alhamis, kuma irin wannan ƙwayar take sha.

Ɗaliba: Baba ma haka. Ya ce da an sallame shi zai ci gaba. In rubuta "rashin sani" a matsala ta uku?

Sista: Ki fara jin me ya sani. Mai shekara takwas da cuta ba jahili ba ne, wataƙila ba a taɓa zama da shi ba. Ki sa buri: kafin sallama zai faɗi alamu uku na faɗuwar suga da bakinsa, ya nuna miki yadda zai goge tsakanin yatsu bayan alwala, matarsa kuma ta duba masa tafin kullum. Azumi kuwa a zauna da likita, ko a canja ƙwayar.

Nas ɗin ɗakin maza: Ni da gyambo a buɗe cewa zan yi ya dakata kawai.

Ɗaliba: Na gwada faɗa masa haka ɗazu. Murmushi ya yi, ya ce in gaida Malama.