Launi ko lamba: me za a nuna wa shugaba?

Sakatare, Garwa: Kulob ɗinmu mutum 60 ne, kowa jaka 2 a wata. Alhaji shugaba in ya ga Excel sai ya ture waya. Na ce in ba shi shafi ɗaya mai abu biyar: kuɗin asusu, kuɗin wata, abin da aka kashe, masu zuwa taro, masu bashi. Ni a ganina kore da ja sun isa, lamba ba ta da amfani gare shi. Ko na yi kuskure?

Malam Buba: Launi kawai? Ƙanena, launi na iya yin ƙarya. Ku 60 ne, jaka 120 ya kamata ta shigo. A ce wannan wata an tara jaka 110. Za ka shafa kore, kashi 92 cikin ɗari, Alhaji ya yi murmushi. Amma in mutum huɗu ne suka zube bashin wata biyar-biyar, jaka 40 ke nan ta tsohon bashi. Saura jaka 70, wato mutum 35 kacal suka biya na wannan wata. Kashi 58 ne, ja ne wur. Kawuna za ka ƙirga, ba kuɗi ba. Ka ware wa kuɗin wannan wata gurbinsa daban, a ce gurbin D, kada ka zuba tsohon bashi a ciki, sannan:

```
=NB.SI(D2:D61;">=2000")
```

In Excel ɗinka na Turanci ne, COUNTIF ne, da waƙafi a maimakon ; ɗin. Abin da Alhaji zai gani shi ne "35 cikin 60, watan jiya 44". Wanda ya yi shekaru yana lissafin buhuna a kasuwa ba lamba yake ƙi ba, layuka sittin ɗin nan yake ƙi.

Hajiya Uwani: Mu a Marwa mun gwada launin. Mai kwafin takarda ya buga mana baƙi da fari, kore da ja duk suka koma toka-toka! Yanzu hoto nake turawa ta WhatsApp, da kibiya sama ko ƙasa.

Ɗanjuma: Ni fa biyar ta yi yawa. A nuna masa kuɗin asusu, shi ke nan. In akwai kuɗi, lafiya lau.

Malam Buba: Lafiya ta wata nawa, Ɗanjuma? Jaka 270 a asusu, in ana kashe 90 a wata, abincin wata uku ne. Haka za a rubuta: "ya ishe mu wata 3". A kuma haɗa na hannun ma'aji da na waya, ranar ƙarshen wata.

Habu: Ai adashi ba ya son tonon asiri. Sa sunan masu bashi cin fuska ne.

Sakatare: Ba adashi ba ne, Habu, kuma yawansu zan sa, ba suna ba.

Hajiya Uwani: Yawansu daga wata nawa? Mai bashin wata ɗaya wataƙila tafiya Kuseri ya yi. Ni daga wata uku nake ƙirgawa.

Malam Buba: Uku ya yi nisa, Hajiya. Kafin nan jaka 6 ta hau kansa, kunya ta hana shi zuwa taro. Biyu.

Sakatare: To bari in kai wa Alhaji wannan, shi ya yanke.