Motar da na saka a hoto ta ƙi taka ƙasa

Maihoto: Salamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da hoto ɗaya. Ƙofar gida ce da fili a gabanta, mai aikin yana son a sa farar mota a filin. Da Stable Diffusion nake aiki, injin AI mai zana hoto daga rubutu, a shafin Inpaint na manhajar AUTOMATIC1111, inda ake shafa gurbi a hoto injin ya sake zana shi. Na shafa gurbin, na rubuta:

```
add a white car in front of the house
```

Karon farko babu abin da ya fito sai ƙasar filin da ta ɗan canza launi. Karo na biyu wani ɗan ƙaramin gida ne ya tsiro a gurbin. Da motar ta zo kuwa, sai ga ta tana lilo a iska, babu inuwa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya fita.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Matsala uku ce ka haɗa, ƙanena, kowacce da sanadinta. Gidan da ya tsiro kai ka kira shi. Injin ba aike yake karɓa ba, duk sunan da ya gani a rubutun yana ƙoƙarin zana shi a inda ka shafa. Ka ce gida, ya ba ka gida. Ka rubuta abin da kake son gani a gurbin kawai, da gefen da yake fuskanta, da irin hasken:

```
white sedan parked on sandy ground, side view, harsh midday sun, dark shadow under the car
```

Rashin fitowar komai kuma ba laifin rubutu ba ne. Duba Masked content, wato abin da injin zai fara da shi a gurbin da ka shafa. In yana kan original kuma Denoising strength, ma'aunin yawan canjin da zai yi, bai wuce 0.5 ba, injin daga ƙasar da ke wurin yake farawa, ƙasar zai dawo maka da ita. Abin da babu shi a hoto, ni nakan ɗaga zuwa 0.9 ko 1, in zaɓi latent noise.

Uwani: Ni bishiya ce ta wahalar da ni. Na so darbejiya a tsakar gidanmu, na rubuta neem tree, ya kawo mini wata bishiya mai manyan ganye irin na ƙasashen sanyi. Sai da na bar suna na koma siffantawa: ƙananan ganye masu tsini, kai mai faɗi da duhu, jiki mai kaushi. Ta yi kama, amma duk wanda ya tashi a gindin darbejiya zai gane ba ita ba ce. Har yau ban gamsu ba.

Sani Gwani: Maganin inuwa sauƙi ne, ka maimaita shadow sau uku, ka ɗaga CFG Scale, ma'aunin yadda injin ke bin rubutu, zuwa 15, dole ya bi.

Malam Habu: Ambaton inuwa daidai ne, Sani, amma ko sau goma ka rubuta, ba ya taɓa wajen da ba a shafa ba. Maihoto, ina zaton daidai siffar mota ka shafa. To ina inuwar za ta kwanta? Ka faɗaɗa shafin ƙasa da tayoyi, ka ja shi zuwa gefen da sauran inuwoyin hoton suka karkata. Dubi inuwar katanga, ita za ta nuna maka. Goma sha biyar ɗin nan kuwa ƙona launi take yi, motar ta fito da ƙyalli kamar an manna ta. Bakwai ta isa.

Ɗanjuma: Don Allah ni ma akwai mota a bayan hoton aurena, ya zan cire ta?

Uwani: Ɗan'uwa, mu sakawa muke yi. Amma kusan hanya ɗaya ce: shafe motar har da inuwarta, ka rubuta abin da ya kamata ya kasance a wurin, kada ka ambaci mota.

Maihoto: Malam, na gwada. Gidan ya daina fitowa, inuwa ta zo, tayoyi sun taka ƙasa. Sai dai motar ta kai tsayin ƙofar gidan, kamar babbar mota.

Malam Habu: Kana kan Only masked ke nan. Nan injin yana yanko gurbin ne da ɗan gefensa, digo 32 in ba ka canza ba, don haka bai ga ƙofar ba balle ya gwada tsayi da ita. Koma Whole picture ka samu girman daidai, sannan ka sake bi ta Only masked da Denoising strength 0.4 don fitilu da tayoyi su fito tas.

Sani Gwani: Ni ban yarda da zagaye biyu ba. In hoton babba ne, Whole picture matse shi yake yi, fuskokin mutane su lalace. Ƙara Only masked padding zuwa 128 ko fiye, ƙofar ta shigo, shi ke nan.

Maihoto: Hoton nawa babba ne kam, kuma akwai yara biyu a bakin ƙofar. Zan fara da ta Sani da daddare in an kawo wuta, in ɗora muku duka biyun ku gani.