Neman kalma: shin kyau a jikin abu yake, ko a idon mai kallo?

Malama Hauwa, Gombe: Assalamu alaikum. Ina shirya darasi kan falsafar kyau, sai na maƙale a kalmomin Turanci biyu, "objektib" da "sabjektib". Ta farko tana nufin kyau yana cikin abin da kansa ko da babu mai kallonsa, ta biyu kuma tana nufin daga zuciyar mai kallo yake fitowa, kamar yadda masanin falsafa David Hume ya faɗa. Na gwada "na zahiri" da "na baɗini", amma ba su kwanta mini ba.

Malam Buba, Kumo: Wa alaikumus salam. Ai muna da "kyan zati", Malama, me ya sa za a je nesa?

Malam Isa, Bauchi: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi, sai dai akwai tarko a cikinta. A wajen malaman tauhidi na da, inda Mu'utazilawa da Ash'ariyawa suka yi saɓani kan kyau da munin ayyuka, "zati" na nufin abin da yake tabbatacce a cikin abu. A Larabcin zamani kuwa ita ce ake fassara "sabjektib" da ita, don haka ɗalibin da ya yi makarantar Arabiyya zai iya juya ma'anar gaba ɗaya. Ni dai ina ganin a ce "kyan jikin abu" da "kyan idon mai kallo".

Inna Asabe: Ni dai na san wushirya ado ce a wurinmu, har ana yi wa mai ita kirari, amma 'yata da ke karatu a waje ta ce a can likitan haƙori ake biya ya toshe ta. Ai magana ta ƙare, al'ada ce.

Malam Isa: Inna, misalinki gaskiya ne, amma bai rufe ƙofar ba. A 1987 Judith Langlois da abokan aikinta a Jami'ar Texas sun nuna wa jarirai, wasu 'yan wata biyu zuwa uku, hotunan fuskoki bibbiyu, sai aka ga sun fi daɗewa suna kallon wadda manya suka ce ta fi kyau, alhali ba su kai shekarun koyon al'ada ba. Iyakar binciken ita ce, daɗewar kallo ba hukunci ba ne, kuma manyan da suka auna fuskokin su ma 'ya'yan wata al'ada ne.

Malama Hauwa: Na karɓi kalmomin Malam Isa, amma masanin falsafa Immanuel Kant ya rage mini. A 1790 ya ce jin kyau daga mai kallo yake, duk da haka wanda ya ce abu yana da kyau yana neman kowa ya yarda da shi, saɓanin wanda ya ce ya fi son miyar kuka. Wannan matsayi na tsakiya wane suna za mu ba shi?

Malam Buba: "Kyan ittifaƙi" fa?

Malam Isa: Ittifaƙi an riga an yarda ke nan, shi kuwa Kant neman yardar yake magana a kai, ko da ba a samu ba.