Aikin dare mai jujjuyawa: ƙarin kashi 20 ya isa dalilin karɓa?

Ina aiki a sashen tattara kaya na wata masana'anta, kuma an yi mini tayin komawa jadawalin da ke juyawa: dare uku a jere daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, hutun kwana biyu, sannan a koma aikin safe. Ƙarin da za a ba ni kashi 20 cikin 100 ne na albashi, amma da na cire kuɗin motar dare da na wanda zai riƙa kai yarana biyu makaranta, sai na ga kusan rabinsa ya tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne barci. Ina shan maganin hawan jini, kuma na san babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7, alhali barcin rana yakan zo gajere, a gutsuttsure, musamman a gidan da akwai yara. An ce jadawalin da ke tafiya gaba, wato safe, yamma, sannan dare, ya fi sauƙi ga jiki, to namu tsallake yamma yake yi.

Ku da kuka daɗe a irin wannan aiki, wace alama ce ta nuna muku cewa jiki ya kasa sabawa, kuma bayan wata nawa? Shin ya dace in nemi gwajin wata uku a rubuce, tare da damar komawa aikin rana, ko kuwa neman hakan zai sa a janye tayin? Maiɗakina ta amince, sai dai na lura amincewar tata ba ta kai zuci ba.