Abin da aka tattaro daga tattaunawa kan sauya launin gashi mai nannaɗe a hoto

1. Kusan kowa ya yarda cewa a Photoshop ana fara zaɓen gashin da Select and Mask, a bi gefensa kaɗai da Refine Edge Brush, domin idan burushin ya shiga tsakiyar gashi mai cika sai ya huda shi.

2. An fi daɗewa a kan baƙin gashi, kuma a ganina nan ne aikin yake. Hue/Saturation ba ya kama baƙi, saboda babu launin da zai juya, don haka sai an fara haskaka gashin da Curves kafin a ɗora launi a sabon shafi, wato layer, mai yanayin Color. Idan aka haskaka fiye da kima, inuwar da ke tsakanin nannaɗen takan ɓace, gashin ya koma kamar audugar da aka rina.

3. Ra'ayi ya rabu kan Decontaminate Colors. Wasu sun ce yana share launin bango da ya maƙale a bakin gashi, wasu kuma sun ce yana dagula ƙananan silin, gara a gyara da hannu.

4. A duba goshi da kunnuwa, kada launin ya zubo kan fata.