Abin da aka tattauna kan gwada sabon aikin daidaita bayanai kusa da tsoho

1. Kowa ya yarda: tsohon ne kaɗai zai riƙa rubutawa a rumbun gaske. Sabon ya rubuta a wani tebur na gwaji, kada ya tura saƙo ga kowa.

2. A ba su bayanai na lokaci guda. In ba haka ba, layin da ya canza tsakanin gudu biyun zai fito kamar kuskure.

3. Kafin kwatantawa a jera layuka bisa `id`, a cire `updated_at`. Wani ya ce bambanci 4,000 da ya gani duk na tsarin rubuta lokaci ne.

4. An rabu kan tsawon gwaji. Wasu sun ce mako guda ya isa, wasu suka ce sai an ratsa ƙarshen wata, lokacin da aiki ke yin yawa. Ni ina tare da na biyun.