Siniyoyi sun sa ni gaba: wa zan fara faɗa wa?

Ɗan aji huɗu: Salamu alaikum. Makarantar kwana nake, yanzu muna hutu. Wasu 'yan aji shida suna kwashe min garin kwaki da madara, suna sa ni wanki cikin dare, ranar da na ƙi suka zane ni da bel. Ɗayansu firifet ne. Baba yana da zafi, ina tsoron ya je ya yi faɗa abin ya dawo kaina. Malami zan fara gaya wa, ko gida, ko malamar ba da shawara?

Malama Binta: Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina koyarwa a makarantar kwana. Tunda abin ya kai ga duka, gida za ka fara, kuma kafin hutun nan ya ƙare. Dalili shi ne iyayenka ne ke da ikon rubuta wa shugaban makaranta takarda su nemi a canja maka ɗaki, ko su cire ka idan abin ya gagara. Da habaici ne kawai ko sunan tsokana, da na ce malamar ba da shawara ta isa. Ka sani ma, ita tana riƙe sirri ne muddin ba a taɓa lafiyarka ba. Da ta ji zancen bel, dole ta kai sama.

Ka fara da Mama. Ka zauna ka rubuta ranakun da za ka iya tunawa, da wurin, da abin da aka ɗauka, da wanda ya gani. Idan akwai tabo a bayanka a ɗauki hoto. Sannan ku roƙi abu ɗaya: kada a kira sunanka a asambuli, kada kuma a haɗa ka da su a ofis ɗaya. Daga nan ramuwar gayya ke farawa.

Abban Khalifa: Ƙanena, haus masta ya fi kusa, shi yake kwana cikin makarantar. Iyaye sai ranar ziyara.

Malama Binta: Haka ne, amma sau da yawa da shawararsa ake naɗa firifet. Ka duba tukuna: da wani yaro ya kai masa ƙara a baya, me ya faru? Idan kiransu ya yi ya ce "wane ya ce kun yi kaza", to ba shi ba.

Sani Direba: Mu ma an yi mana, muka daure. Saura zango biyu su fita, ka yi haƙuri.

Maman Ummi: Haba Malam Sani! Ƙanena haƙurin nan ya yi har kunnensa ɗaya ya samu matsala saboda mari. Yaro, idan aka sake taɓa ka, ka wuce asibitin makaranta a rubuta a littafi.

Ɗan aji huɗu: Na gode. To idan Mama ta ce dole sai Baba ya ji fa?

Malama Binta: Zai ji. Kana da kawu ko yayan da yake jin maganarsa? A samu wanda zai raka shi makarantar.